Rangwame a shagon atamfa: a ina kuɗin ragin yake fita?

Tambaya: Salam Malam, ina da shagon atamfa a Agege, ina saro kaya a Balogun. Turmin da na fi sayarwa ina saronsa 20,000 ina badawa 26,000. Kasuwa ta yi sanyi, maƙwabciyata ta yi garaɓasa mutane sun cika mata shago, nima ina so in cire kashi 10 cikin ɗari a kan duk kayana amma ina tsoron kar in ci uwar kuɗi. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo kasuwa mai albarka. Ki ɗauko kalkuletar wayarki mu yi lissafin tare, dan wannan kashi 10 ɗin yana da daɗin faɗa amma sai an zauna da shi ake gane girmansa.

Abu na farko turmin nan ba 20,000 ya tsaya miki ba. Wannan kuɗin da kika miƙa wa dila ne kawai. Akwai ɗan dakon da ya ɗauko miki kaya daga cikin layukan Balogun zuwa bakin titi, akwai kuɗin mota daga Eko har Agege wanda kin san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga leda, ga abin da POS yake yanka in kwastoma ta biya da kati. Mu ƙaddara in kin raba duk wannan kan kayan da kika ɗauko, kowane turmi ya ɗauki 1,000. Toh kinga ya tsaya miki 21,000, abin da yake saura a hannunki in kin sayar 5,000 ne ba 6,000 ba. Kuma ina fatan 26,000 ɗin nan shi ne kuɗin da yake shiga aljihunki bayan an gama taya da albarka, in kuwa shi ne wanda kike fara faɗa sannan a ja ki zuwa 25,000, ki sake lissafin da 25,000 ɗin.

Yanzu kashi 10 na 26,000 shi ne 2,600. Wannan kuɗi ba dila zai rage miki ba, ba direba ba, duk daga cikin 5,000 ɗinki zai fita. Turmi ya koma 23,400, ribarki ta koma 2,400. Wato kwastoma ta ga an rage mata ɗan kaɗan, ke kuma fiye da rabin ribarki ya tafi. A ce kina sayar da turmi 100 a wata, 500,000 ke nan kike samu kafin ki biya haya da albashin yarinyar shago da man janareta da kuɗin ƙaramar hukuma. In kina so ki sake ganin wannan 500,000 ɗin da ribar 2,400, sai kin sayar da turmi 209. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, ragin 2,600 zai ninka miki ciniki har ya haura? Ni dai a kan atamfa da wuya. Shi ya sa cikar shagon maƙwabciyarki bai isa ya tayar miki da hankali ba, kin ga mutanen da suka shiga amma ba ki ga littafinta ba.

Da 1,000 kawai kika rage, riba ta tsaya 4,000, turmi 125 ya isa ki dawo inda kike. Ƙarin turmi 25 a wata abu ne da hankali zai ɗauka. Duk ragin da ya zo miki a rai haka za ki auna shi, ki raba ribar da kika saba samu da sabuwar ribar turmi ɗaya, abin da ya fito shi ne yawan kayan da dole ki sayar kafin a ce ba ki yi asara ba, ba ma a fara maganar ƙaruwa ba.

Sai wani tarkon da ya cinye jarin mutane da yawa tun da aka saki naira a 2023. Kafin ki rubuta sabon farashi ki kira dilanki ki ji nawa turmin yake yau. In ya koma 21,500, ki ɗora 1,000 na ɗauko shi, 22,500 ke nan kuɗin maye gurbinsa. Wanda kika sayar 23,400 ya bar miki 900 kacal, a ciki kuma za a biya haya. Littafi zai nuna miki riba, kanta kuma tana ta raguwa, sai ki je sari da kuɗin turmi 100 ki dawo da 90 da wani abu kina mamaki. Saboda haka ƙasan farashinki shi ne kuɗin da za ki sake saro kayan yau, ki rubuta shi a bayan littafi, ki faɗa wa yarinyar shago ko ƙanwar babanta ce ta zo ba a sauka ƙasa da nan.

Toh me za ki yi? Ni shawarata ki bar farashin turmi ɗaya yadda yake, ki ɗora ragin a kan na biyu. Wadda ta ɗauki ɗaya 26,000, wadda ta ɗauki biyu 50,000 maimakon 52,000. A kunne "an cire miki dubu biyu" yana da nauyi, a wajenki kuma 1,000 ne a kowane turmi, biyun sun bar miki 8,000. Hikimar ita ce matar da dama ta fito da niyyar sayen ɗaya ba ki yi mata kyautar komai ba, tunda ko ba ragi za ta saya, wadda ta ci ragin kuwa sai da ta ƙara miki ciniki sannan ta ci. Kuma kin san matanmu, in kuɗin biyu bai kai ba za ta kira ƙawarta ko kishiyar yayarta su haɗa, kin samu sabuwar kwastoma ba ki biya kuɗin talla ba.

Bari mu gwada da kwana goma. A yadda kika saba, kwana goma turmi 33 ne, riba 165,000. A ce da wannan tsarin mata 15 sun ɗauki bibbiyu, 120,000 ke nan, wasu 15 sun ɗauki ɗai-ɗai, 75,000. Turmi 45 sun fita, riba 195,000. Ki cire 10,000 na buga ƙyallen talla da data, saura 185,000, kin ƙaru da 20,000. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne na sani, amma ki duba ɗaya hanyar, turmi 45 ɗin nan dai da ragin kashi 10 za su ba ki 108,000 ne, kin sha wahalar ɗaga kaya da ninkewa fiye da kullum kuma ribarki ta ragu da 57,000.

In kina son abin da zai ja ido sosai, ki nemo shi a cikin kwantai. Kowane shagon atamfa yana da su, zanen da yayinsa ya wuce, ya yi wata shida a saman kanta har ninkin ya fara fari. A ce kina da guda 30, kuɗinki 630,000 ne suke barci. Waɗannan ki ware su a tebur ɗaya a bakin ƙofa ki rubuta 22,500 da manyan lambobi. Kowane ɗaya da ya fita ya saya miki sabon zane ɗaya da zai tafi a 26,000. Nan ne kaɗai zan yarda ki yi ragi mai zurfi, kuma su ne za ki riƙa ɗorawa a sitatus ɗin WhatsApp, in mace ta shigo dan na tebur idonta zai kai kan sababbin. Ko kuma gyara, ɗankwali ko ƙaramin mayafi da kika saro 1,200 kike sayarwa 2,500, ki ba wadda ta sayi turmi biyu a madadin ragin kuɗi, ita ta ga kyautar 2,500 ke kuma 1,200 ya fita. Amma ɗaya za ki zaɓa fa, kar ki haɗa ragi da gyara a ciniki ɗaya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kar ki yi rangwame a satin da kowa yake rububin kayan sallah, masu sayen nan ko ba ki rage ba za su zo. Ki yi shi kafin azumi tun teloli ba su rufe karɓar ɗinki ba, ko bayan sallah da kasuwa take mutuwa, ko cikin ruwan Yuni da Yuli da mutane ba sa son fita. Ki sa ranar farawa da ranar gamawa, kwana goma ya isa, in ya ƙare ya ƙare. In kika ja shi wata guda 50,000 ta zama farashinki na dindindin, ranar da kika ce 52,000 sai a ce Hajiya ta ƙara kuɗi.

Abubuwa biyu ki tsaya a kansu da ƙarfi. Ba bashi a kayan rangwame, ko tiransifa ce sai kin ga alat a wayarki, ba hoton rasit ba. Sannan ba taya a kan ragi, dan kwastomar Legas in kin ce 50,000 za ta ce ai Hajiya 47,000 za ki bar min, in kika sassauta sau ɗaya lissafin nan duk ya rushe. Masu anko in sun zo ɗaukar ashirin ki ba su a 25,000 ɗin dai, 80,000 ce ribarki, kar su ja ki ƙasa da sunan sun saya da yawa. Kuma dan Allah kar ki bi masu ɗaga farashi zuwa 30,000 da dare su wayi gari su ce sun rage zuwa 26,000. Ha'inci ne, addini ya hana, kuma matan Agege suna shiga Balogun da ƙafarsu, sun san kuɗin kaya.

Ki samu ƙaramin littafi daban, kullum da yamma ki rubuta turmi nawa suka fita, nawa ne ɗai-ɗai, nawa ne bibbiyu, nawa ne na tebur. Ki ci gaba da rubutawa har kwana goma bayan an gama, saboda wani lokaci cinikin da ya ƙaru ba sabo ba ne, kwastomominki na kullum ne suka sayi na wata mai zuwa tun yanzu. In kwana ashirin ɗin gaba ɗaya sun ba ki fiye da 330,000 bayan kin cire kuɗin talla, tsarin ya yi aiki, ki ajiye shi ki sake bayan babbar sallah. In kuma a kwana na biyar kika ga masu ɗaukar biyu ba su kai biyar ba, kar ki ƙara ragin, ki duba zanen da kike nunawa da kuma ko mutane sun ma ji labarin.