Kaset ɗin kamu da ya kai teburin mai shayi

"Kawu, barka da hutawa. Bidiyon kamun Yaya Hajara ya kai minti arba'in, ya ƙi tafiya ta WhatsApp, ga su Gwaggo na Maraɗi da mutanen Kaduna sun dame ni. Abokina ya ce in ɗora a YouTube in sa Unlisted, wai ba wanda zai gani. Haka ne? Ko in sa Friends a Facebook? Dangin ango dai sun ce ba su son hoton mata ya fita waje."

Ɗana, na karanta saƙonka bayan la'asar, na yi dariya har Innarku ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Daga baya kuma dariyar ta tsaya mini a wuya, don abokin nan naka ya faɗi maganar da aka taɓa faɗa mini shekaru da yawa da suka wuce, kuma na sha kunya a kanta.

Ka san kafin in koma sayar da kayan waya, ɗaukar biki nake yi. Shekarun da suka biyo bayan ba mu jihar Katsina a 1987, ni ne ke yawo da kyamarar nan ta kafaɗa, mai cin kaset ɗin awa uku, daga Rafindaɗi zuwa Ƙofar Marusa. Wani Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya aurar da ɗiyarsa ta fari, ya kira ni zaure ya kafa mini sharaɗi biyu. Na farko, ba zan taka tsakar gida ba, sai na koya wa ƙanwata, wato babarka, yadda ake riƙe kyamarar, ita ta shiga wurin mata. Na biyu, kaset ɗaya tak, a hannunsa zan sa, ba kwafi. Haka aka yi. Babarka ta fito kafaɗa na ciwo, hoton duk ya karkace, amma ta kama uwar amarya ta cire mayafi tana taka rawar kiɗan ƙwarya, abin da mijinta kansa bai taɓa gani ba.

Bayan kamar sati uku, da daddare na tsaya shan shayi wajen Ƙofar Ƙaura. Janareto na ruri, mai shayin ya ɗora talabijin a kan benci, maza sun fi ashirin sun yi cirko-cirko, 'yan acaɓa har da kashe babur. Na ɗaga kai kawai sai na ga hoton nan mai karkata. Kofin na hannuna, na kasa kai shi baki. Wani na kusa da ni yana cewa, "Kai, Hajiyar nan ta iya juyi."

Washegari tun kafin in je, Alhaji ya aiko. Na tarar da shi a zaure, bai ɗaga murya ba, wannan ya fi duka ciwo. Na rantse ban yi kwafi ba. Sai muka bi sawu. Uwargida ta ba ƙanwarta aro na kwana ɗaya. Ƙanwar ta ba maƙwabciya don ta ga ɗinkin anko. Ɗan maƙwabciyar yana da aboki mai bidiyo biyu, suka haɗa waya suka juye. Hannu bakwai muka ƙirga, kuma duk wanda aka tambaya amsarsa ɗaya: "Wallahi mutum ɗaya na ba, kuma na gida ne." Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Da na koma na ba kakanka labari, yana gyaran carbi ya ce, "Magana zarar bunu ce." Ya ƙara da cewa abin da ido ya gani ma haka.

To Unlisted ɗin abokinka, kaset ɗin nan ne. Gaskiya ne in ka sa shi, bidiyon ba zai fito ba in an yi bincike a YouTube, ba zai bayyana a jerin bidiyoyin tasharka ba, ba za a riƙa tura wa baƙi shi ba. Amma ba shi da makulli. Duk wanda linkin ya shiga wayarsa zai kalla, ko ba shi da akawun ɗin Google, kuma zai iya tura wa wani ba tare da ka sani ba. Kaset ma ya fi shi kunya, don shi a gida ɗaya yake kwana. Linki kuwa, Gwaggonka ta jefa shi a gurup ɗin 'yan Islamiyyarsu da kyakkyawar niyya, kafin isha'i yana waya ɗari biyu. Akwai kuma wata kafa da mutane ba su sani ba: in wani mai linkin ya sa bidiyon cikin jerin kallonsa da ya bari a buɗe, baƙon da ya shiga jerin zai gan shi. Su kansu masu YouTube, a 2021 sun mayar da tsoffin bidiyon Unlisted da aka ɗora kafin 2017 zuwa Private, sai wanda ya ce a bar masa nasa, saboda tsoffin linkin ba su kai na yanzu wuyar lalubowa ba.

Ba cewa nake ba shi da amfani. Ran nan da na ɗauki yadda ake canza bututun famfon rijiyarmu na aika wa mai gyara a Daura, shi na sa, don ba abin da duniya ke nema ba ne, in ya fita kuma ba wanda zai ji kunya. Haka karatun malam da za a tura wa tsoffi, ko tela zai nuna wa mai kaya ɗinki kafin a zo karɓa. Ma'aunina a nan ɗaya ne: in na tarar da shi a teburin mai shayi, zan iya ƙarasa shan shayina? In eh, Unlisted ya isa.

Mu da muka tashi, gida da kansa yake koya maka wannan. Akwai ƙofar gida, inda mai tallan goro da almajiri da baƙon Jibiya duk ɗaya ne. Akwai zaure, sai an yi sallama an ce shigo. Tsakar gida sai muharrami da yaro. Ɗakin tsohuwa kuwa sai wanda ta kira da suna. Ba a taɓa zaunar da mu an yi mana darasi ba, tsawa ɗaya ta isa. Ku yanzu kun tashi da waya wadda ƙofar gida da uwar ɗaka duk maɓalli ɗaya ne tsakaninsu, kuna dannawa kuna hira.

Public ƙofar gida ce. Hawan Sallah a Ƙofar Soro, tallan shagonka, ko taron ɗaurin auren da aka yi a bainar jama'a maroƙi na shela, sa su nan ba laifi. Sai dai ka duba kada lambar mota ko akwatunan lefe da gwala-gwalai su fito, ka san zamanin da muke ciki.

Private shi ne wanda aka kira da suna. Kai kaɗai ke gani, sai waɗanda ka rubuta imel ɗinsu. Ko sun tura linkin gaba, wanda ya karɓa zai tarar da ƙofa a rufe. Ka buɗe studio.youtube.com, ya fi sauƙi a kwamfuta, ka shiga Content, ka zaɓi bidiyon, a wurin Visibility ka taɓa Private, sai Share privately, ka zuba adireshin kowa, ka adana. Ba a iya rubuta sharhi a ƙarƙashinsa, don haka masu "Allah ya ba da zaman lafiya" sai su kira waya, wanda ni a wurina ya fi.

Ga inda za ka sha wahala, tun yanzu in gaya maka. Gwaggo za ta kira ta ce an rubuta mata bidiyon na sirri ne, ya ƙi buɗewa, ka raina ta. Ba lalacewa ya yi ba. Imel ɗin da ta karanto maka daga tsohuwar takarda daban, wanda ke cikin wayarta daban, galibi wanda yaron shago ya buɗe mata ranar da ta sayi wayar, ita ba ta ma san da shi ba. Ka ce jikarta ta buɗe Play Store ta taɓa ɗan da'irar da ke sama ta hannun dama, adireshin da ya fito shi za ka sa. A nan ne yawancinku kuke gajiya, mutum uku sun yi ƙorafi sai ku ce bari kawai a mayar Unlisted. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Friends kuwa, YouTube ba shi da shi, na Facebook ne da TikTok. A TikTok yana nufin wanda kake bi shi ma yake bin ka. A Facebook duk wanda ka taɓa amsa wa ne, kuma mutum na iya tara har 5000. Kai nawa gare ka? Na duba, ɗana, sun haura dubu biyu. Cikinsu nawa za ka bari su wuce zaure su tarar da yayarka ba mayafi? Har da masu hoton mota da furanni da ba ka san ko mace ce ko namiji ba. Kuma in ka maƙala sunan wata a bidiyon, abokanta ma suna iya gani, zauren ya zama biyu. In dole sai Facebook, akwai Specific friends, ka tsinci mutanen ɗaya bayan ɗaya. Friends zalla na bar wa irin hoton gona ko murnar kammala makaranta.

In ka riga ka ɗora kafin ka tambaye ni, don na san halinku, ku aikata sannan ku nemi shawara, to duba adadin kallo. Ka tura wa mutum goma sha biyar ka ga talatin ko arba'in, ba komai, tsoffi na maimaitawa. Ka ga ɗari huɗu, ya fita. Mayar da shi Private nan take, linkin zai daina buɗewa a hannun kowa. Ka gwada a wayar wanda ba ka sa sunansa ba don ka tabbata. Wanda ya riga ya sauke, ko ya ɗauki fuskar wayarsa yana kallo, wannan ya tafi, kuma ko Private ɗin bai hana wanda ka yarda da shi yin haka.

Ni da zan yi, sai in yanka bidiyon biyu, na maza daban na mata daban, kowanne da ƙofarsa. Amma ka ambaci Gwaggo, ka ambaci dangin ango, ban ji ka ambaci Hajara ba. Ita ka tambaye ta? Da ƙawayenta da suka yi rawa suna ganin mata ne zalla a wurin? Uwar amaryar nan da na ba ka labari ta yi shekara ba ta zuwa biki, in muka haɗu a hanya sai ta ja mayafi ta kau da kai, har ta rasu ban samu bakin ba ta haƙuri yadda ya kamata ba.

Ka je gidan Hajara ka ji ta bakinta da na mijinta tukuna. In ka shigo Juma'a ka taho da kwamfutar, mu zauna mu tattara imel ɗin tare. Ka kuma tambayi babarka labarin kyamarar, har yau cewa take ban biya ta kuɗin kafaɗarta ba.