Rarrabe Matakan Ma'ana a Fastar Talla

"An ba mu aikin nazarin alamomi a kan fastar tallar mota, amma na kasa bambance ma'anar zahiri da ta baɗini da kuma almarar da hoton yake ginawa. Ta ina zan fara?"

Ka fara da rubuta abin da ido ya gani kawai, misali baƙar mota, hanyar da ba kowa a kanta, tsauni, direba shi kaɗai, da rubutun "Hanyarka ce". Wannan ita ce ma'anar zahiri. Da zarar ka rubuta "ƙasaitacciyar mota" ka riga ka tsallaka zuwa mataki na biyu, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

Ma'anar baɗini ita ce abin da al'ada ta ɗora wa kowace alama: hanyar tana nuna 'yanci, baƙin launin yana nuna iko. Domin ka tabbatar ba ra'ayinka kaɗai ba ne, sauya alama ɗaya a zuciyarka. Ka cika hanyar da cunkoso. Idan 'yancin ya ɓace, to hanyar ce take ɗauke da shi.

Almara, a ma'anar Roland Barthes, masanin nazarin alamomi ɗan ƙasar Faransa, ba ƙarya take nufi ba. Tunani ne da mutane suka ƙirƙira, amma hoton ya nuna shi tamkar haka duniya take tun asali. A nan tunanin shi ne 'yanci abin saye ne. Za ka gano shi ta abin da aka ɓoye, wato bashin motar, hayaƙi da sauran masu bin hanya.

Idan fastar daga wata al'umma ta fito, ka tuntuɓi malaminka ko masanin al'adarta, domin ma'anar launi takan bambanta.