Agogonki Bai Yi Kuskure Ba, Nasu Ne Ya Ja Baya

Tambaya: Malam, ina aiki ta intanet daga gida a Mabera, Sakkwato, da wani kamfani na New York. Tun watan Mayu nake hawa aiki ƙarfe 2 na rana in sauka 10 na dare. Da Nuwamba ya kama sai aka ce na shigo da wuri, na kuma tashi kafin lokaci. Sannan an ce in miƙa rahoto kafin Juma'a ta ƙare, ban san Juma'ar wa ake nufi ba.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ba sakaci kika yi ba. Agogon Najeriya ba ya motsi, rani da damina yana gaban agogon duniya, wato UTC, da awa 1. Na New York kuwa sau biyu ake taɓa shi a shekara. Ranar Lahadi ta biyu a Maris su tura shi gaba da awa guda, ranar Lahadi ta farko a Nuwamba su mayar da shi baya. Saboda haka daga Maris zuwa farkon Nuwamba mun riga su da awa 5, sauran watannin kuma da awa 6.

Aikinki a wurinsu daga 9 na safe ne zuwa 5 na yamma, kuma bai canza ba. Sa'ad da kika fara, 9 ɗinsu ita ce 2 ɗinmu. Yanzu ta koma 3, tashi kuma 11 na dare. Da kika rufe kwamfuta ƙarfe 10, ƙarfe 4 ne a can, aka bar layi awa guda ba kowa. Abin da ya fi damuna shi ne ba a gaya miki ba, domin wanda ya ɗauki ma'aikaci daga ƙasar da ba ta taɓa agogo, haƙƙinsa ne ya sanar da shi tun da wuri.

Maganinsa, ki daina riƙe "ƙarfe 2" a kanki, ki riƙe "ƙarfe 9 na New York". Idan za ki sa lokacin aiki a kalandar waya, ki zaɓi garin, a wasu manhajojin za ki ga an rubuta `America/New_York`, ita kuma wayar ki bar ta a kan `Africa/Lagos`. Ranar da suka juya agogo, kalandar da kanta za ta matsar miki da lokacin. Ki yi hattara da harufan `EST` da suke liƙa wa lokaci. Asalinsu na watannin sanyi ne, na zafi `EDT` ne, amma da yawansu na farkon suke rubutawa shekara zagaye. In kika ga haka a watan Yuli, ki tambaya.

Canjin ya taɓa sallolinki ma. A Nuwamba Magariba a Sakkwato tana yi ƙarfe 6 da 'yan mintuna, daidai 12 na rana ta gota a wurinsu, lokacin da ake tashi cin abinci. A Yuni kuwa sai wajen 7, wato 2 na ranarsu, aiki ya yi zafi. To ki nemi hutunki da agogonsu, ki kuma sake daidaita shi duk sa'ad da suka juya.

Batun rahoto kuwa, maganar da aka yi miki ba ta cika ba. In tashi aikinsu ake nufi, 5 na yamma, to 11 na daren Juma'a ne a nan. In kuwa 11:59 na darensu ne, sai 5:59 na asubar Asabar. Kusan awa 7 ke nan tsakanin fassara biyu na magana guda! Kada ki yi canki-canka. Ki rubuta wa shugabarki: "Zan miƙa ranar Juma'a ƙarfe 5 na yamma agogon New York, wato 11 na dare a wurina, haka ne?" Rana, awa da sunan gari, duka uku su fito a rubuce.

Idan akwai abokin aiki a Indiya, abin juyawa yake yi, don su ne gabanmu da awa 4 da rabi. Biyar ɗin yammarsu ta Juma'a ita ce 12:30 a nan, mutanen gida na shirin masallaci. Irin wannan aikin tun daren Alhamis ake kammala shi, tun da wuta da sabis ba su da alƙawari.

A 2026 New York za ta tura agogo ranar 8 ga Maris, ta mayar da shi 1 ga Nuwamba. Ki rubuta ranakun nan biyu ki manna kusa da kwamfutarki, Litinin 9 ga Maris ki hau aiki ƙarfe 2.