Yadda atemisinin yake kashe ƙwayar maleriya

“Don Allah, ta yaya atemisinin yake kashe ƙwayar maleriya bayan ta shige cikin jan ƙwayar jini?”

Malam, abincin ƙwayar ne ajalinta. Tana cin himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a cikin jan ƙwayar jini, sai sinadarin him mai ɗauke da ƙarfe ya fito daga cikinsa. Shi kuma maganin yana da wani haɗi na iskar oksijin guda biyu a jikinsa. Da ƙarfen ya taɓa haɗin nan sai ya tsinke, ɓurɓushi masu ɓarna su fito su manne wa furotin ɗin ƙwayar iri-iri. Lalataccen furotin ya taru fiye da yadda za ta iya kwashewa, ta mutu. Jan ƙwayar jini mai lafiya takan tsira, domin him ɗinta a ɗaure yake.

Matsalar ita ce maganin ba ya daɗewa a jini, cikin awa ɗaya zuwa biyu rabinsa ya tafi. A Kambodiya an samu ƙwayoyin maleriya masu sauyi a wani ƙwayar halittarsu da ake kira kelch13, waɗanda ke rage cin himogulobin suna ƙanana har maganin ya wuce. Alamarsu, a ga ƙwayar maleriya a gwajin jini rana ta 3 bayan fara shan magani. Saboda rashin daɗewar atemisinin a jini ne ake haɗa shi da lumefantirin, wani maganin maleriya da ya fi shi daɗewa, kuma don Allah a shanye na kwana ukun ko zazzaɓi ya sauka.