Takardar Cikin Kwalin Magani: Yadda Za a Mayar da Ita Hausa ta Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kemis a Mabera, nan Sakkwato. Mafi yawan masu sayen maganin zazzaɓin cizon sauro ba su jin Turanci. Ina son in ɗauki hoton takardar cikin kwali da wayata, in kwafe rubutun, in fassara, in buga musu. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwafe rubutun ba shi da wuya. Shimfiɗa takardar a kan tebur inda haske yake, ki danne lanƙwasarta, ki buɗe Google Lens, ki zaɓi rubutun, ki taɓa Copy text. Amma ki yi haka ga bayanin da ke jere cikin jimloli kawai. Jadawalin adadin ƙwayoyi kuwa, ki rubuta shi da hannunki kina kallon takardar. Waya layi-layi take karantawa, takan ɗauko lambar wannan gida ta jefa a wancan, wani lokaci ma ɗigon da ke cikin 2.5 ya ɓace a lanƙwasa, ya koma 25.

Mu ɗauki Artemether/Lumefantrine mai ƙarfin 20/120. Da nauyin jiki ake bayar da shi: kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya 1 a kowane sha, 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya 2, 25 zuwa ƙasa da 35, ƙwaya 3, daga 35 zuwa sama, ƙwaya 4. Sau shida ake sha cikin kwana uku. Kada ki bai wa uwa wannan jadawalin gaba ɗaya ta nemi layin ɗanta da kanta. Ki yi takarda huɗu daban-daban, kowane nauyi da tasa.

Inda na fi jin tsoro shi ne lokaci. Takardar ta ce sha na biyu bayan awa 8 da na farko, sannan sau biyu kullum a kwana biyun da suka rage. Idan kika rubuta "sau biyu a rana", akwai wadda za ta fahimci da rana tsaka ake nufi, ta ba shi da hantsi, ta ƙara da azahar, dare ya wuce babu magani. Ki kira lokacin da sunansa. Ga yaro mai kilo 18 da ya fara sha da ƙarfe 8 na safe, takardarsa za ta ce:

"Yau: ƙwaya 2 da ƙarfe 8 na safe, ƙwaya 2 da ƙarfe 4 na yamma, wajen la'asar. Gobe da jibi: ƙwaya 2 da ƙarfe 8 na safe, ƙwaya 2 da ƙarfe 8 na dare, wajen isha'i. A sha da madara ko abinci mai maiƙo. A shanye duka ko da zazzaɓin ya sauka."

Lokacin farawa ba ɗaya ba ne ga kowa, don haka ki bar gurbin ƙarfen ranar farko a buɗe, ki cike da biro a gaban mai saye. Maganar maiƙo kuma kada ki taƙaita ta zuwa "bayan cin abinci". Jiki ya fi karɓar lumefantrine idan da maiƙo a ciki, koko zalla ba zai yi wannan aikin ba.

Kafin ki buga, ki yi lissafi: ƙwaya 2 sau 6, ƙwaya 12 ke nan. Ki ƙirga na cikin kwalin. In bai zo daidai ba, ko dai an yi kuskure a kwafi, ko kwalin na wani nauyi ne. Sunan maganin da ƙarfinsa su zauna a saman takardar da manyan baƙaƙe, yadda suke a kwali, ba a fassara su. Akwai mai ƙarfin 80/480, wanda ƙwaya 1 tasa daidai take da 4 na 20/120. Takardar da ta ce "ƙwaya 4" in ta faɗa cikin wancan kwalin, mutum zai sha ninki huɗu.

Wajen rubutu, ki shiga Settings na manhajar rubutun waya ta Gboard, Languages, Add keyboard, ki zaɓi Hausa, za ki samu ƙ, ɗ da ɓ. Ki ajiye aikin a PDF kafin ki kai shagon bugawa, don kwamfutar da ba ta da irin baƙaƙenki takan mayar da su ƙananan akwatuna. Ki buga guda ɗaya tukuna ki duba kalmar "ƙwaya".

Sai mai lasisin harhaɗa magani da ke kula da kemis ɗin ya riƙe takardar Turancin, ke kina karanta ta Hausa da ƙarfi, lamba bayan lamba. Daga nan ki miƙa wa wata uwa da ta zo saye, ki tambaye ta: "Inna, gobe da dare ƙwaya nawa za ki ba shi?" Idan ta yi jim, jimlar ce ke buƙatar gyara, ki koma kanta kafin ki buga sauran.