Baƙon muzuru da kasko ɗaya

Kawu, barka da hutawa. Wani muzuru mai tabo a fuska ya tare mana a gida, yau kwana huɗu, yana ci a kaskon magena biyu da 'ya'yansu uku. Inna ta ce a gidanmu ba a taɓa korar kyanwar da ta zo da ƙafarta ba. Ni kuma na ji an ce akwai cututtukan da suke shafa wa juna. Ku da kuka yi aikin dabbobi, in bi al'ada ko in kore shi?

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Innarki gaskiya ta faɗa. Haka muka taso muka gani a gidan kakanki, kyanwa in ta shigo zaure ta zauna, to ta zama 'yar gida, kuma wanda ya jefe ta sai ya sha faɗa. Baƙonka annabinka, ko da mai gashin baki ne da jela. Kada ki kore shi. Amma ki tuna yadda ake saukar baƙo a gidan nan: ɗakinsa daban, kwanonsa daban, ba a kai shi cikin yara ran da ya iso. Abin da nake so ki yi wa muzurun nan ke nan, na wata biyu, kuma ga dalili.

Cututtukan da kika ji labari guda biyu ne, mutane na haɗa su saboda duka suna karya garkuwar jikin kyanwa, amma hanyar shigarsu ba ɗaya ba ce. A jikin abin gwaji za ki ga an rubuta FeLV da FIV. Ta farkon ita ce mai jawo sankarar jini, wani likita mai suna William Jarrett ya gano ta a Glasgow a 1964. Ta biyun an gano ta a Kalifoniya a 1986, kuma 'yar uwar ƙwayar cutar ƙanjamau ce ta mutane. Kafin gabanki ya faɗi: ko ɗaya ba ta kama mutum, ba ta kama akuya ko kaza. Yaranki su ci gaba da wasa da magensu.

FeLV cutar zumunci ce. Tana fita a miyau da majina, don haka magen da ke lasar juna, suna kwana a jikin juna, suna sa baki a kasko ɗaya wata da watanni, su ne take bi. Uwa ma tana ba 'ya'yanta tun a ciki ko ta nono. Babbar kyanwa mai lafiya sau da yawa jikinta na iya ture ta, ko ya danne ta ta kwanta shiru. Ƙananan ne ba su da wannan ƙarfin, shi ya sa 'ya'yan nan uku su ne damuwata. Wadda cutar ta zauna mata a jini, mafi yawa ba sa wuce shekara uku bayan an gano.

Na taɓa zuwa wani gida da mage bakwai, cikin shekara biyu biyar suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Matar gidan ta rantse maƙwabta ne ke sa guba, har zumunci ya ɓaci. Da na ɗaga leɓen guda cikin biyun da suka rage, dasashinta fari fat kamar takarda, jini ya ƙare. Guba ba ta bin mage a hankali haka. Da na bincika, mafarin abin wata 'yar kyanwa ce da yara suka tsinto a kasuwa, aka jefa ta cikin saura ran nan. Ki riƙe alamun: rama ba dalili, farin dasashi, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, mura da ba ta warkewa, mace ta riƙa ɓari, ko numfashi ya yi wuya saboda ƙari a ƙirji.

Ita kuwa FIV cutar faɗa ce. Sai haƙori ya nutse cikin nama ya kai miyau ciki. Wannan kururuwar da kike ji a kan katanga da tsakar dare, muzurai na rigima a kan mace, can ake rabonta. Tabon fuskar baƙonki shi ya sa na fi zarginsa da wannan. Cin kasko ɗaya ba kasafai yake yaɗa ta ba, kuma muzuru mai ita yana iya shekaru da yawa garau, sai dai daga baya ki ga ciwon dasashi, warin baki, da ƙurji mai jinkirin warkewa.

Abin yi, ki sa shi a sito ko wani ɗaki mai ƙofa, da kaskon abincinsa, da na ruwa, da kwanon yashi na bayan gida. Kwana huɗun da ya riga ya yi kada su hana ki barci, FeLV ta fi son doguwar cuɗanya, amma a tsayar daga yau. Ƙwayoyin nan ba su da juriya a waje, da miyau ya bushe ba sa daɗewa, sabulu da ruwa ma na kashe su. Ki wanke tsohon kaskon, ki wanke hannu in kin fito daga wurinsa, ya isa. Ba sai kin ƙona tabarma ba.

Sai gwaji. Ɗigon jini ake ɗauka, cikin minti 10 a ga sakamakon duka biyun. Ki fara tambaya a asibitin dabbobi na koyarwa, irin na jami'ar Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ki kira kafin ki ɗauki hanya ki ji ko suna da abin gwajin a hannu. A gwada baƙon, a gwada iyayen nan biyu su ma, don suna fita waje kuma ba ki san da wa suka haɗu ba. In baƙon ya fito ba komai, kada ki buɗe ƙofa tukuna. Wanda ya kamu jiya gwaji ba ya nuna shi yau: FeLV na ɗaukar kamar kwana 30 kafin ta bayyana, FIV kuwa kwana 60. A maimaita bayan kwana 60, an rufe duka biyun. Wata biyun da na ce miki daga nan ya fito.

Akwai tarko ɗaya. Gwajin FIV ba ƙwayar yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake gani, kuma 'yar kyanwa na shan wannan martanin a nonon uwa. Don haka in an ce ɗaya cikin ƙananan na da ita, kada ki yanke hukunci sai ta wuce wata 6 an sake gwadawa.

In baƙon ya fito da FIV kaɗai, a yi masa fiɗiya. Na san Inna za ta ce tausayi, ki tuna mata bunsurun da muke dandaƙewa kowace shekara ba wanda ya ce uffan. Muzurun da aka fiɗiye yawo da faɗa suna raguwa, kuma in bai cizo, zai iya zama da naki. Ki haɗa su a hankali, kina kallo. In kuwa FeLV ce, a sake gwadawa don tabbatarwa, sannan ba shi ba kasko ɗaya da su har abada: ko ya zauna a ɓangarensa, ko ki nema masa gidan da ba wata kyanwa, ki faɗa musu gaskiya, kuma ya zauna a ciki.

FeLV tana da allurar rigakafi. Ana fara ta daga mako 8, a ƙara ta biyu bayan mako 3 zuwa 4, sai kuma bayan shekara. A gwada kafin a yi, don ba ta amfanar wadda ta riga ta kamu, kuma ba ta tsare kowace kyanwa ɗari bisa ɗari, shi ya sa ba ta maye gurbin rabuwar ba. In kuɗin bai kai na kowa ba, fara da ƙananan uku.

Ki gaida Inna, ki ce mata baƙonta na nan, ɗaki kawai aka ba shi. Ki ɗaga leɓensa gobe da safe, a hankali kada ya cije ki, ki gaya mini kalar dasashin.