Tambaya da amsa: injin 100, 150 ko 200 ga mai aikin babur a Gadarif

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ni mazaunin Gadarif ne. Na tara ɗan kuɗi ina so in sayi babur, in riƙa kai wa 'yan kasuwa saƙo a cikin gari, da yamma kuma in ɗauki mutane zuwa ƙauyukan kusa. A lissafina zan riƙa yin kamar kilomita 120 a rana. An nuna mini Boxer mai 100, da mai 150, da wani na Sin mai 200 wanda ya fi su arha. Tsorona shi ne mai. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauki mai 150. Idan kuɗin bai kai ba, nemi mai 125 na kamfanin da kayan gyaransa ke cike a kasuwar Gadarif. Bari mu bi dalilin a hankali, domin lambar da ke jikin babur tana ruɗar mutane da yawa.

Lambar nan, wadda ake rubuta cc a bayanta, girman cikin silinda ce, wato yawan iska da fetur da fistin ke zuƙa a bugu ɗaya. A takarda, ƙaramin inji ya fi tsimin mai, kuma haka yake idan mutum ɗaya ne a kai, a kan kwalta, yana tafiyar kilomita 50 a awa. Amma aikinka ba haka yake ba. Kai kana da kilo 70, fasinja kilo 70, ga jakarsa ko ƙullin kayan da ya sayo. Kun riga kun kai iyakar abin da aka ƙera irin waɗannan babura su ɗauka, wanda bai cika wuce kilo 150 ba. Injin 100 ƙarfinsa kamar na doki 8 ne, na Boxer 150 kuwa kusan doki 12. Da wannan nauyi a hanyar ƙasa, mai 100 zai tilasta maka zama a giya ta biyu da ta uku, hannunka a murɗe, injin yana kuka. Mai 150 zai ja kayan nan a giya ta sama da rabin murɗa. Injin da ke aiki a ƙarshen ƙarfinsa yini guda yana shan mai fiye da yadda aka faɗa maka a shago, yana zafi, yana cin kulochi da ringi.

Mu ɗauki kilomita 120 ɗin nan mu yi lissafi. Kwana 26 na aiki a wata zai ba ka kilomita 3,120. Da kaya da hanya mai gargada, lafiyayyen mai 100 yakan yi wajen kilomita 45 a lita, mai 150 wajen 38, mai 200 na Sin wajen 30. Ke nan a wata mai 100 zai sha kamar lita 69, mai 150 lita 82, mai 200 lita 104. Da yake a Sudan da galan ake lissafi, kuma galan ɗaya lita huɗu da rabi ne, wannan ya zama galan 15, da 18, da 23. Ka ninka da kuɗin galan na ranar da kake karanta wannan. Tsakanin 100 da 150 galan uku ne kacal a wata, abin da tafiya biyu ko uku da mai 100 zai sa ka ƙi ɗauka za su biya. Tsakanin 150 da 200 kuwa galan biyar ne, kuma ba abin da za ka samu a madadinsu sai gudu, gudun da ba ka da inda za ka yi shi a cikin kasuwa ko a hanyar gona.

Waɗannan alƙaluma na kimantawa ne. Babur ɗin da za ka saya, musamman na hannu, auna shi da kanka. Cika tanki har wuya, rubuta lambar mita, yi aikin yini guda, ka dawo ka sake cikawa har wuya da jarkar da ka san awonta, sannan ka raba kilomitan da litar da ta shiga. In mai 150 ya ba ka ƙasa da 30 a lita, akwai ciwo: ko matatar iska ta toshe, ko an ƙara wa kafireta jet, ko birkin baya yana kamawa, ko taya ba iska. Ciro fulogi ka duba. Baƙin toka a bakinsa alamar mai ya yi yawa ne, launin ƙasa-ƙasa shi ne daidai, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan kuma injin yana ƙonewa. Wannan na ƙarshe ya fi faruwa ga waɗanda suka sa makaniki ya shaƙe kafireta wai don tsimi. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Gadarif ke wuce digiri 40, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba ya jure wannan. Tsimin galan ɗaya zai jawo maka sayen fistin da bawul.

Game da na Sin ɗin, kada ka ɗauka muna cewa duk na Sin banza ne. Da yawansu kwaikwayon injin Honda CG ne, wanda ba shi da sarƙar taimin, da sanduna yake buɗe bawul, kuma tun asali an ƙera shi ne domin ƙasashen da ba a kula da inji sosai. Injin yana da juriya. Inda ake samun matsala shi ne sauran jikin: sasi da shokozoba na ƙaramin babur aka ɗora wa babban inji, girgiza ta yi yawa, notuna su riƙa kwancewa, kariyar baya ta tsage a wajen walda, wayoyin wuta su fara ba da wahala bayan damina ɗaya. Sannan sunayensu suna da yawa, wani sunan ya shigo bana, baɗi a neme shi a rasa. Kafin ka biya kuɗin kowane babur, zaga shago uku na masu isbiya ka tambayi abu biyar: fistin da ringi, farantin kulochi, sarƙa da sifoket, takalmin birki, da kwandon wuta. In duka ukun sun ɗauko maka daga kanta ba tare da "za a kawo daga Bur Sudan" ba, wannan babur ne na sana'a. Yini ɗaya da babur ya kwana wajen makaniki yana jiran kaya ya fi galan uku ciwo.

Yanzu ga abin da ke kashe babura a nan, ko 100 ne ko 200: ƙura. Inji yana zuƙar iska mai yawan gaske, kuma ƙurar rani da ta guguwar habub in ta wuce matata tana haɗuwa da baƙin mai ta zama kamar yashin wanke tukunya tsakanin ringi da silinda. Alamarta ita ce babur ya fara shan baƙin mai, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, kik ya yi laushi a ƙafa. Saboda haka, lokacin zaɓe, buɗe akwatin matata ka gani. Mai soso ya fi dacewa da kai, domin ana wanke shi da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a bar shi ya bushe, a shafa masa baƙin mai kaɗan a mayar. Da rani yi haka kowane mako. Busasshen soso ba ya tare ƙura, man ne ke kama ta. Mai takarda kuwa ba a wanke shi, sai dai a kakkaɓe, in ya toshe a sauya. A babur na hannu, sa yatsa a cikin robar da ke tsakanin matata da kafireta. In ka ji ƙasa a ciki, injin ya daɗe yana cin ta, komai ƙyallin fentinsa.

Baƙin mai a irin waɗannan injuna kamar lita ɗaya ne kawai, shi ke shafe inji da giya da kulochi, shi kuma ke ɗauke wani sashe na zafi. Yi amfani da 20W-50 na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Wasu man mota suna sa kulochi sulɓi. A aikinka, juye shi duk kilomita 1,500, wato sau biyu a wata, kuma ka sa wannan a lissafin kuɗin wata tun yanzu. Duba sandar awo kowace safiya kafin ka tayar.

Da yake fetur ɗin da ake samu yanzu ba kullum daga gidan mai yake fitowa ba, zaɓi mai kafireta, ba mai famfon lantarki ba, kuma mai kik ko da yana da sitata. Kafireta in ta sha datti ko ruwa, ka kwance noti ɗaya a ƙasanta ka zubar, ko makanikin ƙauye ya wanke ta cikin rabin awa. Sa ƙaramar matatar fetur a tiyo, ka riƙa tace man jarka da ƙyalle mai tsabta.

Sai damina. Baƙar laka ta Gadarif ba ta tambayar girman inji. Tana manne wa taya, ta cika tsakanin tayar gaba da madigadi har tayar ta daina juyawa. Nemi babur mai sarari a wannan wuri, ko ka sa a ɗaga madigadin. Wili mai sifok ya fi na alminiyam a hanyar ƙasa, domin in ya lanƙwashe ana miƙar da shi, na alminiyam tsagewa yake yi. In ka ga a hanyar ƙauye da kaya babur yana nauyin tashi, ƙara haƙori biyu ko uku a sifoket na baya. Jan zai ƙaru, kulochi zai huta, sai dai gudun kwalta zai ragu, mai kuma zai ɗan ƙaru a doguwar tafiya. Sarƙa ta kasance tana da wasan santimita biyu zuwa uku, kuma ka auna ta da mutum zaune a kai, domin nauyi yana ƙara ɗaure ta. Sarƙa da sifoket tare ake sauya su.

In kuma 'yan kasuwar nan shawal, wato buhu, na dawa za su riƙa ba ka, mai kusan kilo 90, biyu-biyu, to ba babur kake nema ba, tuktuk na kaya kake nema. Babur zai ɗauka na wata biyu, sannan sifok su fara tsinkewa, shokozoba ta zubar da mai.

Na hannu ne ko sabo, haɗa lambar sasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, harafi da harafi, ka ga mai shi da idonka, a rubuta takardar ciniki da shaidu. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 babura marasa asali sun yawaita a kasuwa, kuma kai hanyarka kullum ta shingen bincike ce. Ka je ganin na hannu da sassafe, ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar maka, domin injin da ya gaji in an riga an ɗumama shi yana ɓoye hayaƙinsa da ƙarar bawul.